Uku Bisa Biyar Ko Biyar Bisa Takwas? Abin Da Ke Ƙarƙashin Ninkawa A Gicciye

A ce an ba ka zaɓi tsakanin kashi uku cikin biyar na wata gona da kashi biyar cikin takwas na ita wannan gonar. Wanne za ka ɗauka? Yawancin mutane sukan yi jim. Wani zai ce biyar bisa takwas, don lambobinsa sun fi girma. Wani kuma zai ce uku bisa biyar, don saura kashi biyu kacal ya cinye gonar duka, alhali ɗayan saura uku. Na farkon ya dace da amsa, amma sa'a ce kawai, domin da an ba shi 1/2 da 3/10 da wannan hujjar tasa ta jefa shi rami. Na biyun ya yi kuskure, duk da cewa tunaninsa ya fi kama da na mai lura. Abin da ya manta shi ne, kashi ɗaya cikin biyar ya fi kashi ɗaya cikin takwas girma, don haka ƙirga guntayen da suka rage ba zai gaya masa komai ba.

Akwai wata dabara da ake koya wa yara tun a firamare wadda take yanke wannan gardama cikin ƙiftawar ido. Sai ka rubuta kason biyu gefe da gefe, 3/5 a hagu, 5/8 a dama. Ka ɗauki lambar sama ta hagu ka ninka ta da lambar ƙasa ta dama: 3 sau 8, 24. Ka rubuta 24 ɗin a saman kason hagu. Sannan ka ɗauki lambar sama ta dama ka ninka ta da lambar ƙasa ta hagu: 5 sau 5, 25. Ka rubuta shi a saman kason dama. Tunda 25 ya fi 24, to 5/8 ya fi 3/5. Shi ke nan. Idan ka ja layi tsakanin lambobin da ka ninka, za ka ga layukan biyu sun gitta juna, shi ya sa ake cewa an ninka a gicciye.

Dabarar tana aiki, babu shakka. Damuwata da ita ita ce yadda ake miƙa wa ɗalibi ita kamar laƙani: ga yadda za ka yi, kada ka tambaya. Yaro mai kaifin basira kuwa dole ya tambaya. Me ya haɗa 24 da uku bisa biyar? Ashirin da huɗu na mene ne? Kuma don me za a ɗauko lambar ƙasan wani kaso a ninka ta da lambar saman wani, a ce sakamakon yana nuna girma? Amsar tana da sauƙi, kuma duk wanda ya gan ta sau ɗaya ba ya ƙara rikita dabarar.

Mu koma gonar

Ɗauki takarda ka zana gonar mai kusurwa huɗu. Ja layuka daga gabas zuwa yamma ka raba ta gida biyar daidai wa daida. Kashi uku cikin biyar shi ne uku daga cikin waɗannan dogayen filaye. Yanzu, ba tare da ka goge komai ba, ja wasu layukan daga kudu zuwa arewa ka raba ita wannan gonar gida takwas. Kashi biyar cikin takwas shi ne biyar daga cikin sababbin filayen.

Dubi abin da ya faru da takardar. Layukan farko da na biyu sun ratsa juna, sun yanka gonar zuwa ƙananan fegi masu girma ɗaya. Nawa ne? Biyar sau takwas, 40. A nan ne aikin ya ƙare, saura ƙirga.

Kowane ɗaya daga cikin filaye biyar na farko, layukan nan na biyu sun datsa shi gida takwas. Mai kashi uku cikin biyar yana da irin wannan fili guda uku, kowanne da fegi takwas a ciki: 3 sau 8, fegi 24. Kowane ɗaya daga cikin filaye takwas na biyu kuma, layukan farko sun datsa shi gida biyar. Mai kashi biyar cikin takwas yana da biyar, kowanne da fegi biyar: 5 sau 5, fegi 25.

To ga 24 da 25 ɗinmu sun fito, kuma yanzu mun san ko mene ne su. Fegi ne, daga cikin fegi 40 na gona ɗaya. Uku bisa biyar shi ne 24/40, biyar bisa takwas shi ne 25/40. Da farko ba mu iya kwatanta su ba saboda guntayensu sun bambanta da girma. Da muka sake yanka su suka zama guntaye iri ɗaya, sai tambayar ta koma wa ya fi yawa, wadda ko ɗan aji ɗaya zai amsa.

Wannan ya kuma bayyana dalilin gicciyewar. Lambar ƙasa ta ɗaya kason ita ce ke gaya maka gida nawa za a datsa kowane guntu naka. Biyar ɗina za a datsa su da takwas ɗinka, takwas ɗinka za a datsa su da biyar ɗina, mu haɗu a arba'in. Shi kuwa 40, mai ninkawa a gicciye ba ya ko rubuta shi, domin yana ƙarƙashin ɓangarorin biyu ne, ba ya fifita kowa. Yana nan dai, ba a ambace shi ba ne kawai.

Babu wani abu na musamman game da 3, 5 da 8. Masana lissafi sukan sa haruffa a madadin lambobi don su nuna cewa magana ta game kowace lamba. Idan muna da a/b da c/d, za mu iya ninka sama da ƙasan na farko da d, mu ninka sama da ƙasan na biyu da b. Ninka sama da ƙasa da lamba ɗaya ba ya canza girman kaso, kamar yadda 1/2 da 2/4 da 4/8 duk rabi ne: guntayen sun ƙaru, amma kowanne ya ƙanƙance daidai gwargwado. Sai mu samu:

a/b = (a × d)/(b × d)

c/d = (c × b)/(b × d)

Ƙasan ya zama ɗaya. Abin da ya rage a kwatanta shi ne a × d da c × b, wato sakamakon gicciye guda biyu.

Tunda 40 ɗin yana nan, ana iya cin moriyarsa. Dabarar tana iya gaya maka wanda ya fi, ta kuma gaya maka da nawa ya fi. Ɗebe 24 daga 25, saura 1. Ɗora shi bisa 40. Bambancin zaɓin nan biyu fegi ɗaya ne tak cikin arba'in. Idan gonar eka goma ce, rubu'in eka ke nan.

Haka mutanen ƙasar Sin suka yi ta tun da daɗewa. A cikin tsohon littafinsu na lissafi da ake kira Babi Tara, wanda masani Liu Hui ya yi wa sharhi a shekara ta 263 Miladiyya, akwai tambayar da ke neman a kwatanta 5/8 da 16/25. Hanyar da littafin ya bi ita ce tamu: 5 sau 25 ya ba da 125, 16 sau 8 ya ba da 128. Na biyu ya fi da 3, kuma tunda 8 sau 25 ɗari biyu ne, fifikon shi ne 3/200. Liu Hui bai tsaya ga faɗar yadda ake yi ba. Ya yi bayanin cewa ninka lambobin ƙasa da juna shi ne ke mayar da guntayen iri ɗaya, ninka na sama a gicciye kuma shi ne ke hana girman kowane kaso ya canza.

A zauren masu rabon gado

Wanda ya taɓa zama inda malami yake raba gado ya ga wannan aikin da idonsa, ko da ba a kira shi da wannan suna ba. Kason da shari'a ta ƙayyade guda shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Kafin malami ya raba komai, sai ya nemo abin da ake kira asalin mas'ala, wato lambar da za a yanka dukiyar gida-gida da ita ta yadda kowane magaji zai samu rabonsa ba tare da guntu ba.

A ce mutum ya rasu ya bar mata da 'ya'ya mata biyu, ban da sauran magada. Matar tana da sumuni, 1/8, 'ya'yan biyu suna da sulusi biyu, 2/3. Takwas da uku ba su da wata lamba da ke raba su duka sai ɗaya, don haka malami zai ninka su ya samu 24. Rabon matar: 1 sau 3, kashi 3. Rabon 'ya'yan: 2 sau 8, kashi 16. Waɗannan lambobi biyu, 3 da 16, su ne ainihin abin da ɗan makaranta zai samu idan ya ninka 1/8 da 2/3 a gicciye. Bambancin kawai shi ne malamin gado ba ya yar da 24, domin shi rabawa zai yi, dole ya san kashi nawa ke hannunsa.

Wani lokaci hanyoyin biyu sukan ɗan rabu. Idan mamacin ya bar mata da uwa da ɗa namiji, matar tana da sumuni, uwar tana da sudusi. Mai gicciye zai samu 6 a ɓangaren sumuni, 8 a ɓangaren sudusi, a kan 48 da bai rubuta ba. Malami kuwa zai lura cewa shida da takwas duka suna rabuwa biyu, sai ya tsaya a 24: matar 3, uwar 4, ɗan ya ɗauki 17 da suka rage. Shida da takwas cikin 48, ko uku da huɗu cikin 24, duk magana ɗaya ce. Ninkawa a gicciye ba ta damu da neman mafi ƙanƙantar lambar da za ta haɗa ƙasan biyu ba. Tana ɗaukar wadda ba ta taɓa ƙin aiki, wato ninkin su biyun, ko da ta fi yadda ake bukata girma. Sauƙinta ke nan, kuma shi ne dalilin da ya sa lambobinta kan yi nauyi wani lokaci.

Kashin lemo

Dabarar ba ta tsaya kan rabon abu ɗaya ba. Duk inda aka ɗora wata lamba bisa wata, tana shiga. A ce mai lemo na bakin tasha yana sayar da kashi mai guda 7 a kan naira 500, na cikin kasuwa kuma kashinsa guda 10 ne a kan naira 700. Wa ya fi araha? Kuɗin lemo ɗaya a wurin na farko shi ne 500/7, a wurin na biyu 700/10. A gicciye: 500 sau 10, 5,000 a ɓangaren na tasha, 700 sau 7, 4,900 a ɓangaren na kasuwa. Na kasuwa ya fi sauƙi.

A nan ma lambobin suna da ma'ana ta zahiri. Bakwai sau goma saba'in ne. Idan kana son lemo 70 daga wurin na tasha, kashi goma za ka saya, ka biya 5,000. Idan daga na kasuwa ne, kashi bakwai za ka saya, ka biya 4,900. Ninkawa a gicciye ta tambayi 'yan kasuwar biyu kuɗin adadi ɗaya na lemo ne, ba tare da ta faɗi adadin ba. Bambancin naira 100 ne a kan lemo 70, bai kai naira ɗaya da rabi kan kowane ɗaya ba. Ko ya isa mutum ya taka zuwa cikin kasuwa saboda shi, wannan ba aikin lissafi ba ne.

Sai dai a kula da abin da aka sa a sama. Idan kuɗi ne a sama, ƙaramin sakamako shi ne araha. Idan lemo ne a sama, 7/500 da 10/700, babban sakamako shi ne araha, domin yanzu ana auna yawan lemon da naira ɗaya za ta sayo. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a sa kuɗi a sama a ɓangare ɗaya, a sa lemo a sama a ɗaya ɓangaren.

Inda ake tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa a takardun ɗalibai shi ne ajiye sakamako a ɓangaren da ba nasa ba. Yaro ya ninka 3 da 8 daidai, ya samu 24, sai ya rubuta shi a gefen 8 maimakon gefen 3, amsa ta juye. Wanda ya haddace layukan kawai ba shi da abin da zai gane ya kauce. Wanda ya san gonar kuwa ya san 24 fegin mai kashi uku ne, domin filayensa uku aka datsa. Sakamako kullum na mai lambar sama ne. Idan ana shakka, a gwada da abin da aka riga aka sani: 1/2 da 1/10. Ɗaya sau goma dole ya tafi wurin rabi, tunda kowa ya san rabi ya fi ushiri.

Na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Duk bayanin da muka yi ya dogara ne kan cewa gona ɗaya ake yankawa. Idan aka tambaye ka rabin mudu da sulusin buhu wanne ya fi hatsi, gicciye zai ba rabi 3, ya ba sulusi 2, ya ce rabi ya fi. A matsayin kaso, gaskiya ne. A matsayin hatsi, kowa ya san sulusin buhu ya ninka rabin mudu sau da yawa. Haka ɗalibin da ya ci 21 cikin 30 ya fi wanda ya ci 17 cikin 25 a kaso, domin 21 sau 25 ya ba da 525, 17 sau 30 kuma 510. Amma idan jarrabawar ta bambanta da wuya, lambobin ba su san da wannan ba.

Na uku ya shafi 'yan sakandare, lokacin da lambobin da ke ƙasa da sifili suka shigo. Akwai wata hanyar kallon dabarar: ninka ɓangarorin biyu da b × d. Idan ka ninka 3/5 da 40 ka samu 24, idan ka ninka 5/8 da 40 ka samu 25. Ninka abu biyu da lamba ɗaya wadda ta fi sifili ba ya canza wanda ke gaba: babba yana nan babba. Amma ninkawa da lambar da ke ƙasa da sifili tana juya tsarin. Biyar ya fi biyu, amma −5 yana ƙasa da −2, kamar yadda mai bashin biyar ya fi mai bashin biyu shiga matsala. Don haka idan ɗaya daga cikin lambobin ƙasa tana ɗauke da alamar ɗebewa, dabarar za ta yi ƙarya. Gwada 1/2 da 1/(−3). Gicciye zai ba hagu −3, ya ba dama 2, ya ce rabi ne ƙarami, alhali rabi yana sama da sifili, ɗayan yana ƙasa da shi. Maganin shi ne a ɗauke alamar daga ƙasa a mayar da ita sama kafin a fara, a rubuta −1/3. Yanzu hagu 3, dama −2, amsa ta daidaita. Alamar ɗebewa a sama ba ta ɓata komai. Wannan tarko ya fi kama mutane a aljabara, inda ƙasan yake harafi ne kamar x, mutum ya ninka a gicciye bai tambayi kansa ko x ɗin yana sama da sifili ko ƙasa da shi ba. Sifili kansa kuwa ba ya zama a ƙasa sam, domin ba a raba abu gida sifili.

Akwai kuma masu ɗaukar dabarar su kai ta inda ba a gayyace ta ba. An ce su tara 3/5 da 5/8, sai su gitta, su samu 24 da 25, su tara su rubuta 49. Rabin aikin daidai ne, amma a tarawa ba a barin 40 a ɓoye: amsar ita ce 49/40. A ninka kaso da kaso kuwa babu gicciye ko kaɗan, sama da sama ake ninkawa, ƙasa da ƙasa.

Idan sakamakon biyu suka zo ɗaya

To kason biyu daidai suke, kuma a ganina nan ne dabarar ta fi nuna amfaninta. Dubi 91/143 da 7/11. Ido ba zai ce suna da dangantaka ba. Amma 91 sau 11 ya ba da 1,001, haka 7 sau 143 ya ba da 1,001. Abu ɗaya ne, na farkon an ninka samansa da ƙasansa da 13 ne kawai. Da kalkuleta aka raba su, za a ga 0.636363 a duka biyun, amma allon yana da iyakar lambobin da yake nunawa, kuma mai shakka zai iya cewa watakila sun rabu a can gaba. Ninkawa a gicciye tana aiki da cikakkun lambobi, ba ta yanke wutsiyar komai, don haka hukuncinta ba shi da saura. Euclid, wanda ya yi zamani a Iskandariya wajen shekara 300 kafin Miladiyya, ya kafa hujjar wannan a littafi na bakwai na babban aikinsa: lambobi huɗu suna daidaita biyu-biyu ne idan ninkin ta farko da ta huɗu ya yi daidai da ninkin ta biyu da ta uku, haka kuma akasin hakan. A kan wannan ne ake dogara duk lokacin da aka nemo lambar da ba a sani ba, kamar a x/12 = 3/4, inda 4 sau x ya zama 36, x kuma ya zama 9.

Ba kowane kwatanci ne yake bukatar ta ba. Idan ƙasan ɗaya ne, dubi sama kawai. Idan saman ne ɗaya, kamar 3/7 da 3/10, mai ƙaramin ƙasa ya fi, domin guntayensa sun fi girma. Idan aka ba ka 13/27 da 22/41, kafin ka fara ninka 13 da 41, lura cewa 13 bai kai rabin 27 ba, 22 kuwa ya haura rabin 41, magana ta ƙare. Haka 7/8 da 9/10: kowanne saura guntu ɗaya ya cika, kuma wanda guntunsa da ya rage ya fi ƙanƙanta shi ne babba, wato 9/10. Idan kuma kason sun kai biyar ko shida ana son a jera su, gitta su biyu-biyu zai cinye lokaci, domin guda shida suna da haɗuwa goma sha biyar. A irin wannan hali gara a yi yadda malamin gado yake yi, a nemo ƙasa ɗaya da zai ɗauke su duka, a ƙirga sau ɗaya.